Zafin Layin Rawaya

Aikina duba zafi ne. In na faɗi haka mutane sukan ɗauka a asibiti nake, sai na tsaya yi musu bayani cewa ba goshin kowa nake taɓawa ba, akwatunan wutar lantarki nake dubawa. Ina da kyamara mai ganin zafi, ina bin masana'antu da otal-otal da ita. A buɗe mini akwati in haska, in nuna musu inda zai kama da wuta tun kafin ya kama. Yawancin ɗakunan da nake yini a ciki ba su da taga. Daga ni sai gurnanin taransifoma, sai mai gadin da ya buɗe mini ƙofa ya yi gaba abinsa. Na saba da shirun, har in na koma ɗakina na haya da yamma nakan daɗe zaune ban kunna komai ba.

Kamfaninmu ya buɗe reshe a wani gari mai nisa, aka ce ni zan riƙe shi. Na daɗe ina son wannan kujera, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya ne ya sa na yi ta jan ƙafa, shi ne Baba. Tun da Mama ta rasu ya rage magana, ya rage ci, hannunsa na dama kuma ya soma rawa. Na gaya masa ƙarara cewa in ba don Yaya da iyalinsa suna zaune a samansa ba, da ko sauraron maganar ba zan yi ba.

Ya ce, "To ai suna nan. Yaran nan har hana ni barcin rana suke yi da guje-guje. Ki tafi abinki, Auta."

Sai na amsa wa kamfani, na fara ɗaure kaya.

Baba mai gyaran wuta ne, ya yi ritaya. Gidanmu hawa uku ne, kuma shi ya ja kowace waya da ke cikinsa da hannunsa. Wuta tana shigo mana a layi uku, ja da rawaya da shuɗi, shi kuwa ya raba su hawa-hawa. Ja na ƙasa ne inda yake zaune, rawaya na tsakiya inda Yaya yake, shuɗi na sama inda aka zuba 'yan haya, wani direban babbar mota da iyalinsa. Akwatin da ke rarraba wutar yana ƙarƙashin matakala, da babban makunni a sama, da bireka uku a jere masu yanke wuta in kaya ya yi yawa, kowane hawa da tasa. A gefe kuma mitoci uku ne, kowace da 'yar fitila ja mai ƙyaftawa in ana shan wuta. A gaban akwatin nan na koyi aiki, ina riƙe wa Baba tocila yana yi mini faɗa cewa hasken ba a kan fuskarsa yake so ba.

Ana saura 'yan kwanaki in tashi sai matar direban ta kira ni. Ta ce ba gulma ta kawo ba, amma kullum da safe in ta sauko kai yara makaranta tana jin ƙaurin roba a ƙarƙashin matakala. Ta faɗa wa Baba, ya ce ya duba ya ɗaure, amma ƙaurin yana nan. Na yi mata godiya, na kira Baba na ce gobe da rana ina tafe da kyamarata.

"Kyamarar me? Sukuru ne ya saki, na ɗaure shi."

"Zan dai duba, Baba."

Sai ya ce, "Da ƙarfe nawa?"

Ban kawo komai a raina ba game da tambayar. Na ɗauka shayi zai dafa mini.

Na same shi tsaye a bakin matakala, ya sa tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu huɗu, har ya kwance murfin akwatin ya jingine a bango. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gurguje kamar mai jiran mota.

Na ce, "Ina su Yaya?"

"Ya fita da yaran. Matarsa tana sama tana girki, kada ki dame ta, baƙi za su yi."

Na sa safar hannu da gilashin ido, na kunna kyamara. A fuskarta abu mai sanyi shuɗi yake fitowa, mai ɗumi ja, mai zafi sosai fari. Abin da ya fara cika mini ido layin tsakiya ne. Wayar rawaya tana haske tun daga inda ta shigo birekar, ta ratsa ta, ta fita ta ƙasa, har inda ta shige bututu ta yi sama. Digiri hamsin da takwas, kuma kusan haka take duk tsawonta. Baƙar wayar da layukan uku suke tarayya a kanta wajen dawowa ita ma ta ɗauki ɗumi, abin da ke faruwa ke nan in layi ɗaya ya fi sauran kaya nesa ba kusa ba.

Baba ya leƙo ta kafaɗata, muryarsa har da 'yar fara'a.

"Kin gani ko? Faɗa mini, Injiniya, wannan sakin sukuru ne ko kaya?"

Injiniya yake ce mini in yana son tsokana. Na ce, "Kaya ne."

"Don me?"

"Don zafin ya bi wayar duka, bai taru wuri ɗaya ba. Da sukuru ne ya saki, da a bakin bireka zai tsaya, yana raguwa in an bi wayar."

"Madalla. Kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Gidan da ke da mutane ai dole wayarsa ta yi ɗumi. Matar yayanki in ta shiga kicin sai ta kunna duk abin da ke da igiya."

Gaskiyarsa ce, zafin kaya ne, kuma a ma'aunin wutar da ke bi ta waya, wato amf, birekar mai ɗaukar sittin da uku ce, ba ta kai ga faɗuwa ba. Amma ba a yanke hukunci da kyamara kaɗai. Ba ka kwatanta zafin layi da layi sai ka san nauyin da kowanne yake ɗauke da shi. Na ciro mitata mai baki, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi abin da ke bi ta ciki. Shuɗi amf tara. Ja amf takwas. Rawaya arba'in da bakwai.

Ja da shuɗi ke nan kusan kai ɗaya suke, ya kamata zafinsu ma ya zo ɗaya, ko da bambanci kada ya wuce digiri biyu ko uku. Na matso da kyamara. Bakin birekar shuɗi talatin da huɗu. Na koma kan ja, a ƙasa, inda sukuru ya danne wayar da ke tafiya sashen Baba. Wani ɗan farin ɗigo ne a wurin, bai fi ƙwayar wake ba. Hamsin da ɗaya. Na gusa gefe na sake haskawa, don ƙarfe mai sheƙi yakan yi ƙarya, ya dawo maka da ɗumin jikinka ka ɗauka nasa ne. Ɗigon bai gusa ba. Ba kuma maƙwabciyarta rawaya ce ta shafa mata ba, don gefen da suka haɗu bai kai haka ba. Na bi wayar ƙasa, kafin tsawon yatsa zafin ya ɓace.

Na ce, "Baba, ga mai ƙaurin nan. Naka ne."

"Nawa? Na ɗaure shi."

"Ya fi na shuɗi da digiri goma sha bakwai, alhali kayansu ɗaya. Kuma yanzu ba ka kunna komai ba sai firij da fanka da 'yan tarkace. Da safe in ka kunna hitar wanka da butar shayi, abin da ke bi ta nan yakan ninka uku. Ka fi ni sanin sauran."

Ya sani. In abin da ke bi ta wuri mai rauni ya ninka uku, zafin da yake haifarwa ba uku yake ninkawa ba, wajen tara ne. Ya tura hannunsa na dama cikin aljihu.

Da a masana'anta ne, da nan zan tsaya in ce a kashe a gyara yau. Amma mitar tana rataye a wayar rawaya, idona kuma ya ƙi barin ta. Arba'in da bakwai. Na duba ja, na yi magana da Baba, na dawo, arba'in da bakwai. Na yi shekara da shekaru ina kallon lambobin nan, na san yadda na gidan mutane suke. Ba sa zama wuri ɗaya. Firij ya tashi ya kwanta, a rage wutar tukunya, hita ta kai zafinta ta yanke, wani ya kunna dutsen guga. Lambar takan yi ta hawa da sauka. Wannan kuwa ta kafe kamar an rubuta ta da biro.

Sai na lura da sauran abubuwan da na wuce ban gani ba. Ruwa yana ta zuba a bututun da ya sauko ta bango, ba tsayawa. Babu takalman yara a kan matakala, su da kullum sai na yi tuntuɓe da su. Ana girkin baƙi a sama da wuta mai yawa haka, amma ko ƙamshin albasa babu.

Na ce, "Bari in gaida matar Yaya."

"Na ce miki tana aiki."

"Gaisuwa ce kawai."

"Auta."

Ban taɓa wuce kiran Baba ba, amma ranar na wuce. Na hau, ƙofar sashen Yaya ba a kulle take ba. Falon wayam, sai labule da shatin ƙafafun kujeru a kan leda, da wani ƙwallo da ya sace a kusurwa. Zafi ya buge ni tun kafin in kai kicin. Kukar girki mai lantarki da Baba ya saya wa sashen tun ana ginin tana tsaye, kawunanta huɗu sun yi jajir, ba tukunya a kan ko ɗaya. Murfin tandar da ke ƙasanta a buɗe, ita ma tana ci. A banɗaki an kunna hita an bar famfon ruwan zafi yana zuba, don kada ruwan ya kai zafin da za ta yanke da kanta. Wannan dabarar ba ta kowa ba ce, sai wanda ya san aikin.

Na kashe su ɗaya bayan ɗaya, na rufe famfo. Shirun da ya biyo baya irin na ɗakunan da nake aiki ne. Na tsaya a tsakiyar kicin ɗin, raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Na kira Yaya.

Ya ce, "Kin je gidan ke nan."

"Tun yaushe?"

"An yi watanni. An mayar da matata aiki can ƙarshen gari, makarantar yara ma can ce, zirga-zirgar ta fi ƙarfinmu. Na ce ya biyo mu ya ƙi. Ina leƙo shi in na samu sarari, wallahi ina zuwa."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini."

"Shi ya hana. Ya ce in kika ji ba za ki tafi ba. Har matar direba sai da ya roƙa."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, abin da ban kyauta ba, amma a lokacin ban damu ba.

Da na sauko na tarar Baba ya jawo kujerar roba ya zauna a gaban akwatin. Mitata mai baki tana nuna sifili. 'Yar fitilar mitar tsakiya, wadda ɗazu take ƙyaftawa kamar za ta fashe, ta tsaya. Na ɗauki kyamara don in sami abin yi da hannuna. Muka yi ta kallon wayar rawaya tana sauka daga fari zuwa ja, daga ja zuwa ruwan hoda, a hankali, har ta kusa sajewa da bango.

Ya ce, "Abin ya yi yawa ko?"

"Ya yi yawa, Baba. Da kawuna biyu ka kunna da wataƙila na wuce."

"Na yi tunanin haka. Sai na ce wayar mai kauri ce, ba za ta yi ɗumin da zai shiga idonki ba." Ya yi 'yar dariya. "Tun jiya nake lissafi. Na san in kika haska kika ga tsakiya sanyi ƙalau tsakanin biyu masu ɗumi, kin gama karanta gidan."

"Da labule ya kama fa?"

"Na cire na kicin."

Wannan amsar ce ta sa na juya masa baya na ɗan lokaci.

Aiki dai yana nan yana jira. Na hau na faɗa wa matar direba za a ɗauke wuta na ɗan lokaci, ta kasa haɗa ido da ni. Na sauke babban makunni, na rataya masa kwaɗo, na gwada na tabbatar babu wuta. Da na sa sukundireba a sukurun ja, kafin in yi wani ƙarfi ya juya. Baba yana kallo. Na so a ce bai gani ba. Mutumin da a da in ya ɗaure sukuru sai ka yi gumi kafin ka kwance, yau iyakar ƙarfinsa ke nan, kuma ya yi imani ya ɗaure.

Ko da ya ɗauru ma ba zai wadatar ba. Na zaro wayar, bakinta ya yi baƙi, robar ta ƙandare tana farfashewa, jikin birekar ya yi launin ƙasa a wajen. Tagullar da ta ƙone haka ko an matse ta ba ta kamawa da kyau, zafin dawowa yake yi. Na yanke har inda ta fito da haskenta, na feƙe sabon baki, na ɗauko sabuwar bireka a mota na sa, na ɗaure daidai ƙimar da aka rubuta a jikinta. Wurin ya yi duhu, sai na ji haske ya sauko ta kafaɗata. Baba ne riƙe da tocila da hannun hagu.

Da na mayar da wuta na sa shi ya kunna hita da buta, muka ba su lokaci. Amf ashirin da biyar, bakin birekar da wayar duk ɗumi ɗaya, ba ɗigo. Na mayar da murfi na ɗaure.

Na ce, "Zan kira ofis in ce su ba wani."

"Ba za ki kira ba."

"Baba, kai kaɗai ne a nan."

"Ke fa? Da wa kike a ɗakin hayar nan naki? In kika zauna, mu zama biyu ke nan masu zaman shiru, ke a sama ni a ƙasa, kina kallona kina tuna abin da kika bari. Ba na so." Ya numfasa. "Tun safe nake hawa benen nan da gwiwar nan tawa don ki tafi. Kada ki sa in yi wahalar banza."

Na yi gardama, na yi kuka, na kawo maganar hannunsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ne ubana, kuma ya ce in tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a can ƙasan zuciyata na ji sanyi da ya faɗi haka, kuma na san ya gani a fuskata.

Na yi abin da zan iya. Na yi magana da matar direba ta riƙa leƙa shi safe da yamma. Na je har gidan Yaya muka yi ta, muka shirya, ya ɗauki alkawarin kwana a can duk ƙarshen mako. Na ce a zuba 'yan haya a tsakiya, Baba ya ce a'a, ɗakin jikokinsa ne, wata rana za su dawo. Na sa shi ya yi mini alkawarin ba zai ƙara buɗe akwatin nan shi kaɗai ba, ya yi, yana kallon wani wuri.

Ranar tafiya na biyo da motar kaya in yi masa sallama. Ya zagaya motar yana duba ɗaurin igiya, yana kushe shi. Sai ya tsaya a kan ɗan ƙaramin firijina da ke can baya.

"Wannan da shi za ki?"

"Eh. Ko kana so?"

"Ina da nawa." Ya shafa murfinsa. "Cewa na yi ko za ki bar shi a sama. Ki jona shi kawai, ba sai an sa komai a ciki ba."

Ban gane ba da farko. Ya nuna ƙarƙashin matakala da haɓa.

"Fitilar tsakiyar nan. In na fito da safe ina ganin ta sama tana yi, tawa tana yi. Ita kaɗai ce a tsaye."

Ni da direban motar kayan muka hau da shi, na jona shi a kicin ɗin da babu kowa, na jira har na ji ya tashi. Da na sauko Baba yana kan kujerar robarsa a gaban mitoci. Firij ƙarami ba ya shan wani abin kirki, sai an yi haƙuri kafin fitilar ta motsa. Na tsaya a bayansa da jakata a kafaɗa, direba yana ta danna ham a waje. Can ta ƙyafta sau ɗaya.

Ya ce, "Yauwa. Je ki, kada ku yi rana."

Bai juyo ba. Har na kai ƙofa yana zaune yana jiran ta biyu.